Wasiƙa zuwa ga Malam Sani a Yola, kan sakamakon gwajin lilo

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da uwargida da yara, da kuma fama da ɗalibai. Mu ma nan Kano muna lafiya, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso ni, na ga lissafin rukuni biyu na ɗalibanka da suka auna ƙarfin jan ƙasa, wato g, da lilon zare da ƙwallon ƙarfe. Ka ce rukunin farko sun samu 9.68, na biyu 9.72, littafi kuma ya ce 9.81, don haka kana shirin yanke hukunci cewa na biyu ne suka dace tunda su suka fi kusa. Ka dakata tukuna, Malam. A ganina na farko ne suka yi daidai da abin da aka sani, na biyu kuwa akwai magana a aikinsu.

Kafin komai, 9.81 ɗin nan ba naku ba ne. Ya samo asali ne daga 9.80665, adadin da aka tsayar a babban taron awo na duniya a 1901 don a samu ma'auni guda. Jan ƙasa yana canzawa daga wuri zuwa wuri: wajen 9.78 ne a kusa da layin da ya raba duniya biyu, ya kai 9.83 a can ƙuryar arewa da ta kudu. Yola da Kano duk muna kusa da layin nan, saboda haka namu 9.78 ne. Da shi za ka gwada.

To, rukunin farko. Tsawon zarensu mita 1.000, kuma sun yarda za su iya kuskurewa da milimita 2, wato kashi 0.2 cikin ɗari. Sun ƙirga lilo 20 cikin sakan 40.4, da shakkun sakan 0.2 saboda jinkirin yatsa wajen danna agogo. Lilo ɗaya ke nan sakan 2.02, shakkun kuma kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Idan L tsawon zare ne, T kuma lokacin lilo ɗaya, lissafin shi ne:

g = 4π²L / T²

Ka ga lokaci sau biyu yake shiga, tunda ana ninka shi da kansa, don haka shakkunsa ma ninkuwa yake yi: rabin kashi ya koma kashi ɗaya cur. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Idan ka haɗa na zare da na lokaci, √(0.2² + 1.0²), za ka samu kashi ɗaya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wato 0.10 a kan 9.68. Abin da ya kamata su rubuta shi ne 9.68 ± 0.10. Ma'anarsa, gwajinsu bai ce g 9.68 ne daidai ba. Cewa ya yi mai yiwuwa yana tsakanin 9.58 da 9.78.

Yanzu sai ka ɗebe abin da suka samu daga abin da aka sani, ka raba da shakkun. Tazarar 0.10 ce, shakkun 0.10, amsa ɗaya. Ko da 9.81 ɗin littafi ka ɗauka, tazarar 0.13 ce, amsa 1.3. Ba abin da za a tuhume su da shi.

Na biyu sun fi ƙwazo, wannan ba musu. Sun auna zarensu na mita ɗaya da shakkun milimita ɗaya kacal, suka zauna suka ƙirga lilo 100 cikin sakan 201.5. Jinkirin yatsa yana nan yadda yake, sakan 0.2, amma yanzu an raba shi a kan dogon lokaci, ya koma kashi 0.1 cikin ɗari, ninkinsa 0.2. Haɗe da na zare ya zama wajen 0.22, sakamakon kuwa 9.72 ± 0.02. Tazararsu da 9.78 ita ce 0.06. Raba da 0.02, ka samu uku. Sun fi kusa, gaskiya ne, amma su da bakinsu suka ce ba za su kauce da fiye da 0.02 ba, sai ga shi sun kauce sau uku na haka. Kamar mai awon hatsi ne ya rantse maka mudunsa ba ya rage ko cokali, ka je gida ka tarar da giɓin cokali uku. Wanda ya ce maka tun farko a yi haƙuri da tafin hannu guda, ka tarar da giɓin tafin hannun, bai yi maka ƙarya ba.

Dalilin da ya sa nake kallon wannan amsa ta rabawa shi ne, idan shakkun da aka rubuta na kurakuran da ke faɗawa sama ko ƙasa ne ba tare da tsari ba, to kusan kashi 68 cikin ɗari na gwaje-gwaje za su faɗa cikin ninki ɗaya, kashi 95 cikin ninki biyu. Wuce ninki uku kuwa sai kamar sau uku cikin dubu. Shi ya sa ni ƙasa da biyu nakan ce an dace, tsakanin biyu da uku in ce a sake gwajin, daga uku kuma in tashi neman abin da ya ɓaci. Kada ka riƙe ninki ɗaya a matsayin katanga, don kusan ɗaya cikin uku na masu aiki tsakani da Allah za su faɗa wajenta.

Abin da ya ɓaci wa na biyu, ɓangaren da suka kauce zai nuna maka. Ƙasa suka yi. Abu biyu ne suka saba jan g ƙasa a wannan gwaji. Ko dai sun auna zaren zuwa saman ƙwallon suka tsaya, alhali zuwa tsakiyarsa ake aunawa. Giɓinsu kashi 0.6 cikin ɗari ne, a zaren mita ɗaya milimita 6 kacal ke nan. Ko kuma sun ja ƙwallon da nisa don kada lilon ya mutu kafin su kai ɗari, kuma wannan na fi zargi. Lissafin nan na ƙaramin lilo ne. A digiri 10 lokacin yana ƙaruwa da kusan kashi 0.2 cikin ɗari, g ya sauka da wajen 0.04, a digiri 15 saukar ta wuce 0.08. Da a ce kuskuren ƙirga ne, irin na mai cewa "ɗaya" lokacin da ya saki ƙwallon, da sama za su yi, wajen 9.98, don 99 suka ƙirga a matsayin 100. Irin waɗannan kurakurai maimaita gwaji ba ya wanke su, ko sau nawa aka yi gefe ɗaya za su ja.

Wataƙila na farko ma sun yi kuskuren nan, faɗin shakkunsu ne ya rufa musu asiri. Don haka kada ka yabe su fiye da kima: 0.10 ba zai iya bambance 9.78 da 9.81 ba ma. Ka kuma sa ido kan mai wayon da zai rubuta ± 0.5 don ya dace da komai. Ka tambaye shi daga wane awo adadin ya fito. A wajen maki, ni ba zan rage wa na biyu komai ba idan suka rubuta a fili cewa sakamakonsu bai dace ba, suka kawo dalilin da suke zato. Wanda zan rage wa shi ne mai goge 201.5 ya sa abin da zai ba shi amsar littafi.

Ka sa su sake yi da lilon da bai wuce digiri 5 ba, wato su ja ƙwallon gefe kamar santimita 8 ko 9, su auna kaurinsa su ƙara rabi a kan tsawon zaren. Ka turo mini abin da suka samu.

Ka gaida uwargida da yara, da duk abokan aiki. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Habibu