Wasiƙa zuwa ga Sani: riƙe sunan baƙo

Jega, Jihar Kebbi

Zuwa ga aminina Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka, inda kake kukan cewa tun da ka buɗe shago a Legas, mutum zai faɗa maka sunansa, kafin ku saki hannu sunan ya tsere. Abin ya tsaya mini a rai, domin ɗan kasuwa da sunan mutane yake cin abinci.

Ba ƙwaƙwalwarka ce ta gaza ba. Gaisuwarmu doguwa ce, kuma baki ya haddace ta: ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Sunan yakan faɗo ne a tsakiya, daidai lokacin da kake shirya "lafiya lau" ta gaba, sai ya wuce ba ka ji shi ba. Maganin shi ne ka mayar masa da sunan nan take, cikin gaisuwar da za ka yi ko ta yaya.

Ga misali. Mutum ya ce, "Ni ne Garba, daga Aliero nake kawo albasa." Kada ka tsaya a "madalla". Ka ce, "To Malam Garba, ya hanya? Ya albasar Aliero bana?" Ka ga bakinka ya furta sunan, kunnenka ya ji shi karo na biyu, kuma ka ɗaure shi da gari da sana'a. Ɗaurin nan ya fi komai amfani a wurina, saboda Garba sun yi yawa, amma Garba mai albasa na Aliero ɗaya ne a shagonka.

Sai dai ka kira shi da abin da ya ba ka. Kowa ya san Garba Abubakar ne, amma idan ka ce masa Malam Abubakar, sai ka ga ya ɗan yi jim kafin ya amsa. Idan kuma ya girme ka, sunan ba ya fita tsirara: Alhaji Garba, ko Baba Garba. Mai sarauta kuwa da sarautarsa ake kiransa. In sunan mahaifinka gare shi, ka ce "Ashe mai sunan Baba ne", wannan ba za ka taɓa manta shi ba.

Sau ɗaya bayan gaisuwa, sau ɗaya wajen sallama, ya wadatar. In ka cika nanatawa, zai zaci bashi kake nema. Idan hayaniyar kasuwa ta cinye sunan, ka tambaya a take: "Gafarta Malam, Malam wa ka ce?" A lokacin ba wanda zai ji haushi, amma bayan ya zo sau uku tambayar ta yi nauyi.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Ka sanar da ni ko za ka zo gida da Babbar Sallah.

Naka,
Bello