Ina kwana baki buɗe, ina tashi da maƙogwaro a bushe: Likita ina mafita?

Assalamu alaikum Likita. Ina yi muku fatan alheri, tare da ma'aikatan wannan shiri namu na lafiya. Allah ya saka da alheri.

Ni magidanci ne mai shekara 46, ina sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau da ke Kano, kuma ni ne ladanin masallacin unguwarmu. Damuwata ita ce kusan kullum da asuba nakan farka da baki ƙamas, harshe ya manne da ganɗa, maƙogwaro yana zafi idan na haɗiyi yawu, murya kuma a dishe. Wani lokaci sai na nemi wani ya yi kiran sallar farko, abin da yake yi mini ciwo ƙwarai. Idan na sha ruwan ɗumi ko shayi, kafin hantsi zafin ya tafi, in wuni lafiya lau. Babu zazzaɓi, babu kumburi a wuya, kuma da aka haska maƙogwaron ba a ga ruwa ko farin tabo ba. Abin ya fi tsananta da hunturu, da kuma ranar da muka sauke buhuna na shaƙi ƙura.

Maiɗakina ce ta fara gano bakin zaren. Ta ce da zarar barci ya ɗauke ni bakina yake buɗewa, in kama minshari, musamman idan na kwanta rigingine. Ƙanwarta ma'aikaciyar jinya ce, ita ta yi mini bayanin da ya shiga kaina. Ta ce hanci ne yake tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta kafin ta isa maƙogwaro, baki kuwa ba ya wannan aikin. Ga shi yawu yana raguwa sosai a cikin barci, saboda haka busasshiyar iska tana bi ta kan maƙogwaro dare guda ba abin da ke kare shi. Minsharin kuma karkarwa ce da naman bayan ganɗa da beli suke yi idan iska ta matsa ta ƙuntatacciyar hanya, kuma wannan karkarwar kanta tana sa wurin ya yi tsami. Ta ce ciwon da ke gushewa da shan ruwa ba na ƙwayar cuta ba ne, don haka kafso ba shi da amfani a nan, in daina tunanin sayensa. Ta ƙara da cewa tambayar da ya kamata in yi ita ce me ya sa bakin yake buɗewa, kuma a wurina amsar a fili take: hancina a toshe yake kwana.

Daga nan na koma kan hancin. Kowane dare kafin in kwanta ina wanke shi da ruwan gishiri, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwa, wajen mililita 250. Ta ja mini kunne cewa lallai ruwan ya zama wanda aka tafasa ya huce, kofin kuma mai tsabta. Ina shaƙa a hankali kamar na alwala, in fyace, sauran kuma in kurkure maƙogwaro da shi. A kasuwa ina sa takunkumi idan ana zazzage hatsi. A ɗaki mun daina kunna maganin sauro mai hayaƙi, mun koma gidan sauro, turaren wuta kuma sai da rana a falo. Fanka na karkatar da ita daga fuskata, kuma muna shanya jiƙaƙƙen tawul kusa da gado don iskar ɗakin ta ɗan yi laima. Na sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, ya ɗaga kamar santimita 10, sannan ina tokare bayana da matashi don kada in mirgina in koma rigingine. Tuwon dare ma na dawo da shi bayan magariba, domin an ce idan aka kwanta da ciki cike, tsamin ciki yana iya tasowa ya ƙona maƙogwaro, gara a bar awa 3 tsakanin abinci da kwanciya.

Gaskiya na ga sauƙi. Daren da hancin ya buɗe nakan tashi da murya garau, maiɗakina kuma ta ce minsharin ya ragu. Amma sauƙin bai zama waraka ba, shi ya sa na rubuto.

Tambayata ta farko a kan maganin ɗigawa a hanci ne, wanda yake buɗe shi nan take. Yana yi mini aiki fiye da komai, amma ƙanwar tamu ta ce kada in wuce 'yan kwanaki ina amfani da shi a jere, domin hanci yana sabawa, da ƙarfin maganin ya sake sai ya toshe fiye da da. To mutumin da ƙura ce wurin neman abincinsa, mene ne zai riƙe na dogon lokaci? Na ji akwai wani na fesawa na masu borin hanci, wanda sai an ɗauki kwanaki ana yi kafin ya fara aiki. Ya dace da irina, ko sai an duba cikin hancin tukuna? Na tambaya ne domin ɓangaren hagu ya fi toshewa ko da damina, kuma an ce karkacewar guringuntsin tsakiyar hanci ko tsiron nama na iya jawo haka. Ƙwayar maganin mura mai sa barci kuwa na lura idan na sha bakin ya fi bushewa, minsharin ya fi ƙarfi. Haka take yi wa kowa?

Sai shawarwarin abokai. Wani ya ce in manne bakina da filasta in kwanta, dole in shaƙa ta hanci. Ban yi ba, don ina ganin rufe bakin mutumin da hancinsa ke toshewa ganganci ne. Wani dattijo kuma ya ce beli ne ya yi tsawo, in je wanzami ya cire. Wannan ma na ƙi, saboda tsoron zubar jini da kamuwa da cuta daga aska. Ina roƙon ku yi magana a kan waɗannan biyu a fili, domin mutane da yawa a kasuwa suna ɗaukarsu da gaske.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne wannan. Maiɗakina ta ce wani lokaci ana cikin minsharin sai in yi tsit, numfashi ya ɗauke, har ta ƙirga goma ko fiye, sannan in zabura da wani irin shaƙewa in ci gaba. Ni ban san ina yi ba. Abin da na sani shi ne ina tashi fitsari da dare, wata safiyar da ciwon kai, kuma da rana gyangyaɗi yana kama ni ko ina tsakiyar lissafi da abokin ciniki. Jikina ya ƙaru a shekarun nan, wuyan rigunana sun matse, kuma awon hawan jini na ƙarshe ya nuna 150 bisa 95. Ƙanwar tamu ta ce waɗannan alamun ɗaukewar numfashi a cikin barci ne, wanda ruwan gishiri da tawul ba sa maganinsa, kuma yana da alaƙa da hawan jini. Ta kuma ce a auna mini sukari, tunda bushewar baki da yawan fitsari suna zuwa tare da ciwon sukari.

Likita, wane sashe zan nufa a asibiti, na kunne da hanci da maƙogwaro ko na ƙirji? Gwajin barci da ake faɗa, yaya ake yinsa, kuma sai an kwana a asibiti? Idan na rage ƙiba, ɗaukewar numfashin tana iya tafiya, ko sai na'urar nan da ake sa wa a fuska da dare? Kuma kafin in samu ganin likita, in ci gaba da hawa babur zuwa kasuwa da wannan gyangyaɗin, ko in dakata?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraronku daga Kano.