Sabon tsarin takardun diyyar satar mota

Assalamu alaikum abokan aiki, barkanku da ƙoƙari. Daga Litinin mai zuwa duk fayil ɗin satar mota da bai cika ba kar a turo min, ko na wane ne.

Kafin a buɗe fayil sai mai inshora ya kawo rahoton ƴan sanda na asali ba hoto ba, da takardun mota, da shaidar saye, sannan makullai duka har da sifiya. Makullin nan na fi damuwa da shi, don in mota ta zo da biyu mutum ya kawo ɗaya to ya rubuta mana inda ɗayan yake ya sa hannu, in akwai direba shi ma a ɗauki bayaninsa daban.

Lambar shasi kuma don Allah ku gwada harafi da harafi, guda 17 ne a motocin zamani. Kwanan baya mun kusa biyan wani fayil, ashe lambar da ke rahoton ƴan sanda ta saɓa da ta takardar inshora da harafi ɗaya.

Amma ku lallaɓa mutane, wanda aka sace wa mota ransa a ɓace yake, ku faɗa masa duk abin da zai kawo tun ranar farko kar ya yi ta zirga-zirga. Mai tambaya ya same ni ofis.

Na gode, Allah ya taimaka.
Manajan sashen diyya