A Cire Rangwame Kafin a Ɗora Haraji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin ’yan kasuwa da masu kula da asusu a kan wani kuskure da ke yawan shiga takardar neman biyan kuɗin kaya, wadda ake kira inbois. Ni ne nake riƙe da littafin kuɗi na wani ɗan kwangilar gine-gine a nan Sakkwato, kuma abin da zan kawo ya biyo ta hannuna ne.

Mun sayi kaya daga wani dila a Babbar Kasuwa: fenti bokiti 12 a kan naira 28,500 kowanne, da bututun ruwa guda 30 a kan naira 6,200, da makullan ƙofa 14 a kan naira 5,000. Kafin in dubi adadin da ke ƙasan takarda, na fara ne da ninka yawan kowane kaya da farashinsa, na samu 342,000 da 186,000 da 70,000, jimla naira 598,000. Layukan sun yi daidai. Da a ce an juya lamba, misali an rubuta 168,000 a madadin 186,000, to bambancin da zai fito, wato 18,000, zai rabu da tara ba tare da saura ba, kuma akantoci sun daɗe suna gane juyin lamba ta wannan alama.

Dilan ya yi mana rangwamen kashi 5 cikin ɗari, wanda ya kama naira 29,900, sannan ya nemi mu biya naira 612,950. Ni kuwa lissafina ya tsaya a naira 610,707 da kwabo 50. Dalilin saɓanin shi ne, harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a Najeriya tun ranar 1 ga Fabrairun 2020, ana ɗora shi ne a kan kuɗin da aka sayar da kayan a zahiri, ba a kan farashin farko da aka riga aka yi ragi a kansa ba. Idan aka cire 29,900 daga 598,000, saura 568,100, kuma harajin wannan shi ne naira 42,607 da kwabo 50. Yaron shagon ya ɗora harajin ne a kan 598,000, ya samu 44,850, daga baya ya cire rangwamen.

Abin da ya tabbatar mini da inda matsalar take, tun kafin in koma shagon, shi ne girman bambancin kansa. Tsakanin adadinsa da nawa akwai naira 2,242 da kwabo 50, kuma wannan shi ne daidai kashi 7.5 cikin ɗari na rangwamen 29,900. Duk wanda ya ga bambanci ya zo daidai da harajin rangwamen da aka yi masa, to ya san an caje shi haraji a kan kuɗin da bai biya ba. Ban zargi dilan da ha’inci ba, domin da na ce masa, “Alhaji, a duba mana tsarin lissafin nan,” nan take ya sa aka sake rubuta takardar. Abin da ya dame ni shi ne, yaron ya ce haka yake yi wa kowa.

Akwai kuma hanyar gwada amsa ta baya, wadda take da amfani musamman idan mai kaya ya ce harajin yana cikin farashi. A raba adadin ƙarshe da 1.075, sai kuɗin kaya zalla ya fito. Idan aka raba 610,707.50 da 1.075 za a koma kan 568,100 cif. Kuskure ne a ɗauki kashi 7.5 na adadin ƙarshe a ce shi ne harajin, domin hakan zai ba da sama da naira 45,800, alhali harajin gaskiya bai kai 43,000 ba.

Sai dai a kula, idan rangwamen na kaya ɗaya ne kawai, kamar fenti, to a layin fentin za a cire shi kafin a haɗa jimla. Saboda haka nake roƙon dilolinmu su riƙa rubuta jimlar kaya, da rangwame, da abin da ya rage, da haraji, kowanne a layinsa kuma a wannan jeri, domin mai biya ya iya bin sawun lissafin da kalkuletar wayarsa kafin ya tura kuɗi.

Naku,
Mai kula da asusu,
Unguwar Mabera, Sakkwato.