Shekara ashirin da ni da uwargida

Assalamu alaikum mutumina, babban abokin ango. Ina gajiya, ya sanyin Tamanraset, ya aiki? Mu nan Damagaram lafiya lau sai hazo da ƙura, yara duk suna gaishe da Baba.

Ka tuna bayan babbar Sallah ta 2005 kai ka riƙe min goro a ƙofar gidansu a Birni? To satin da ya wuce shekara ashirin cif. Ka san mu ba mu gaji bikin tuna ranar aure ba, ni ma ban yi wani taro ba, amma na rubuta mata saƙo, kuma kai ne mutum ɗaya da nake son in faɗa ma yadda abin ya tafi tunda a gabanka aka fara komai.

Na farko da na rubuta a salula layi huɗu ne. Na gode da haƙurinki, Allah ya bar mu tare, Allah ya saka da Aljanna, irin wannan dai. Na karanta sau biyu sai na ga wallahi ko ga matar maƙwabci aka aika shi zai zauna daidai, babu ita a ciki ko kaɗan. Kalmar haƙuri ɗin nan ita ta fi damuna, don mu maza mun mai da ita murfi, mu rufe duk abin da mace ta sha da kalma ɗaya ba sai mun tuna mene ne ba. Sai na goge na ɗauko takarda daga littafin lakwal na yarinyata, na zauna ina tuna shekarun ɗaya bayan ɗaya.

Ka san a wace shekara muka faɗo. Fari da fara sun cinye damanar 2004, mu kuma muka yi aure muna murna ba mu san abin da ke tafe ba, kafin damana ta tsaya buhun hatsi ya doshi jika talatin, ɗinkin ma ya tsaya cak don wa zai kawo yadi alhali ba tiya ɗaya a gidansa. Wata ranar Alhamis na dawo na tarar da tuwo har da miya mai ɗan nama, tunkiyar da innarta ta ba ta kuma babu ita a turke. Ta ba ƙanenta ya kai kasuwa. Amarya ce fa, wata shida. Bayan tunkiya sai kwanukan jere suka riƙa raguwa ɗaya ɗaya daga bango. Na ce mata zan mayar miki, ta ce to. Aboki shekara ashirin ban mayar ba, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa goranta min ba, ko a cikin faɗa.

Nan na gane inda wuyar take. In ka jera wahala kawai, saƙon sai ya koma kamar kana ce mata auren nan asara ne. In kuma ka ce mun sha wuya mun ci nasara, ka raba ladan biyu ke nan ka ɗauki rabi, alhali wani wurin ita kaɗai ta ɗauki kayan. Don haka na sa wa kaina doka, duk wahalar da zan ambata sai in faɗi abin da ita ta yi da hannunta a ciki, in kuma laifina ne in ce laifina ne. Kashi ɗaya kuma na cire gaba ɗaya, saɓanin da ta yi da ƴan uwana shekarun baya, don wannan an riga an yi sulhu, tono shi ranar farin ciki zalunci ne.

Wanda ya hana ni barci shi ne maganar yaronmu da ya rasu a damanar 2010. Zazzaɓi kwana uku, muka kai shi likita dare ya yi, ya cika a bayanta tana goye da shi. Ba ma zancensa a gida. Na rubuta na soke, na sake rubutawa. Daga ƙarshe na ga in na tsallake shi to zata ɗauka na manta, wannan kuwa ya fi ciwo. Na bar shi a layi ɗaya, ban faɗi yadda aka yi ba.

Ga abin da na rubuta, ban sauya komai ba:

"Uwar ƴaƴana, yau shekara ashirin da aka kawo ki. Ban manta tunkiyarki ba, ban manta kwanukanki ba. Na ce zan mayar, na yi shiru, ki yafe min. Ban manta shekarun gidan haya ba da kike tashi ƙarfe uku na dare in an ce pampo ya kawo ruwa, ki cika tuluna ina barci, da safe in yi alwala ban tambayi daga ina ba. Wanda ya riga mu, ina tuna shi kamar yadda kike tunawa, Allah ya sa mai cetonmu ne. Kuma ina tuna dariyarki ranar da muka kwana a ɗakinmu na kanmu ko ƙyaure ba a sa ba, da ranar saukar karatun babban yaro da kika raba waina har layin baya, da hirar da muke yi a tabarma a tsakar gida lokacin da aka yanke kuran a 2023, wadda ni har yau ina kewarta. Da za a mayar da ni Birni ranar nan, gidanku zan sake zuwa. Allah ya sa ke ce matata har Aljanna."

Ban aika ta salula ba, na ji tsoron yara su buɗe, ka san wayarta a hannunsu take wuni. Kuma ba na son ta karanta ita kaɗai a madafa. Na bari bayan isha'i kowa ya kwanta na ce ta zauna, na karanta mata da bakina. Muryata ta karye a wurin yaron, sai da na tsaya. Ita kuwa kanta a sunkuye tana murza bakin zane, har na gama ba ta ɗago ba. Can ta ce, ashe ka san da maganar ruwan nan? Ka ji fa, tunkiya da kwanuka duk ba su ne suka taɓa ta ba, ruwan ne, abin da na kusa barin shi waje don na ga kamar ƙarami ne. Sannan ta karɓi takardar ta ninke ta sa a ƙasan akwatinta.

Washegari ta kama Alhamis, na je kasuwar dabbobi na sayo tunkiya fara mai ciki na ɗaure a turke kafin ta dawo daga unguwa. Kwanukan ne suka gagare ni, irin na lokacin masu fure na zagaya kasuwar Dole ban samu ba, duk an koma roba da silba. In ka ga irinsu a can ko a hanya ta Agadas ka riƙo min saiti ɗaya in za ka zo Sallah, zan ba ka kuɗin.

Ta ce in gaishe ka da kyau, kuma wai har yanzu tana bin ka kuɗin sayen baki. Ka gai da mai ɗakinka da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
abokinka na Sabon Gari