Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Ba da Hayar Rumfa da Kujeru a Kaduna

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi. Mun gode wa Allah da Ya nuna mana ƙarshen wannan shekara lafiya. Tarukan wata-wata sun gudana, an yi sulhu tsakanin wasu mambobi kan kujerun aro da suka ɓata, kuma ma'aji zai karanta nasa lissafin daban. Babban aikin da ya ci mana lokaci bana shi ne koya wa juna tsara kuɗin shiga na wata-wata, kuma a kansa wannan rahoto zai fi tsayawa.

Watan Maris ne ya tilasta mana. An ɗauki azumin Ramadan ranar 1 ga Maris, su ma 'yan uwanmu Kirista suka shiga nasu azumin na kwana arba'in ranar 5 ga wata. A da, idan biki ya tsaya a Rigasa da Tudun Wada da Kawo, mukan samu ɗan aiki a Barnawa ko Sabon Tasha. Bana kasuwa ta yi sanyi a ɓangarorin biyu lokaci guda. Mambobi da yawa da suka yi ciniki sosai a Disamba da kuma rububin aure na watan Sha'aban sun wayi gari ba kuɗin hayar sito, ba albashin yara. Wasu har kujeru suka sayar a kan asara.

Saboda haka bayan ƙaramar Sallah muka shirya zaman horo, kowa ya zo da littafin cinikinsa. Muka raba shekara gida uku: watannin ciniki, watannin tsaka-tsaki, da matattun watanni, wato na azumi da tsakiyar damina, musamman Agusta, lokacin da ruwa ke korar masu biki daga fili zuwa ɗakin taro. Ga misalin da muka yi aiki da shi a allo, kowa ya sauya da nasa adadin.

A ce mutum yana samun naira miliyan 6 a shekara bayan ya cire kuɗin mota da na leburori. Watanni huɗu na ciniki suna kawo 900,000 kowanne, biyar na tsaka-tsaki 400,000 kowanne, matattun ukun kuwa 400,000 a haɗe. Hayar sito da albashi da gyara da cefanen gidansa suna cin 400,000 duk wata, ko da aiki ko babu. Ke nan matattun watanni na buƙatar miliyan 1.2, giɓin ya kama 800,000. A kowane watan ciniki yana da rarar 500,000. Dole 200,000 daga ciki ta tafi asusun cike giɓi, sauran 300,000 kuma ta sauya karyayyun kujeru da tamfol ɗin da rana da iska suka cinye. Wanda ya ga 900,000 a Disamba ya ɗauka ya yi arziki, to abin da ya kamata ya taɓa 400,000 ne kawai.

Inda aka fi gardama shi ne batun kafin alƙalami. Wasu dattawanmu sun ce kuɗi in ya shigo hannu ya zama ciniki. Kwamiti bai yarda ba. Kuɗin da aka ba ka a Oktoba don bikin Disamba amana ne har ranar da ka kafa rumfa, domin ana ɗaga biki, ana fasawa, mai kuɗi kuma zai dawo. A rubuta shi a watan da za a yi aikin. Duk wanda ya ga yana biyan albashin wannan wata da kafin alƙalamin wata mai zuwa, lissafinsa ya riga ya karkace, ko da sitonsa cike yake da kaya.

Mun kuma gyara adashen ƙungiya. Yanzu zubi ya fi nauyi a watannin ciniki, kwasa kuma an karkatar da ita zuwa lokacin azumi da damina. Tsarin bai kammalu ba, don har yanzu akwai mambobin da ba sa rubuta ciniki kullum, kuma wanda ba shi da rubutun shekara guda ba zai iya sanin giɓinsa ba. Tsadar kaya ma tana rage darajar ajiya, shi ya sa muke ba da shawarar a sayi kujeru da tamfol da zarar rara ta samu, kuɗin giɓi kaɗai a bari a asusu.

Azumin Ramadan yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, don haka jadawalin bana ba zai yi wa baɗi aiki ba. A 2026 ana sa ran Ramadan wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, gwargwadon ganin wata, azumin Kirista kuma zai fara 18 ga Fabrairu. Za su sake haɗuwa, kuma makonni bakwai kacal ke tsakaninsu da ƙarshen cinikin Disamba. Muna roƙon kowane mamba ya kawo jadawalinsa na wata goma sha biyu a taron Janairu, kwamiti zai zauna da duk mai buƙatar taimako wajen cike shi.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa