Wace ƙungiya zan sa kuɗin adashina?

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah Ya ƙara basira.

Ni matashi ne, ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Jihar Katsina. Kwanan nan na kwashi adashi, naira 200,000, ina so in ajiye su inda za su haihu. Ƙungiyoyin gama kai biyu ne a gabana. Dukansu suna saro shinkafa da sukari da taki su sayar wa mambobi bashi da ɗan ƙari, ƙarshen shekara a raba riba.

Ta malaman makarantarmu tana ba da kashi 12 cikin 100 a shekara, amma a hannu ake miƙa wa mutum ribarsa, kuma ba a yarda jarin mamba ya wuce 200,000 ba, don haka ba damar mayar da ribar ciki. Ta unguwarmu kashi 10 take bayarwa, sai dai ana haɗa ribar da uwar kuɗi, shekara ta gaba a lissafa a kan duka. Sharaɗinta ba a taɓa kuɗin sai bayan shekara biyar. Wanda ya cire kafin nan, uwar kuɗinsa kawai zai karɓa.

Na ɗauki biro na buga. A ta makaranta 24,000 ce duk shekara, shekara biyar 120,000, jimla 320,000. A ta unguwa shekarar farko kuɗin sun zama 220,000, ta biyu 242,000, ta uku 266,200, ta huɗu 292,820, ta biyar 322,102. Wato har shekara ta huɗu ta makaranta ce a gaba, tana da 296,000, sai a ta biyar ta unguwa ta wuce ta da naira 2,102 kacal. Sai an kai shekara goma tazarar take fitowa sosai, 518,748 a unguwa, 440,000 a makaranta.

Ga damuwata, Hajiya. Iyaye sun fara maganar aurena, ina ganin ba zai wuce shekara uku ba, kuma da kuɗin nan nake sa ran haɗa lefe. Lissafi ya ce in bi ta makaranta. To amma na san gidanmu: 24,000 ɗin nan a Disamba take fitowa, kafin ta kwana biyu a aljihuna ƙanne sun zo da maganar kuɗin makaranta, ba kuma zan iya hana su ba.

Abu na biyu ya fi tsaya mini a rai. Ma'ajin ta unguwa ya ce kashi 10 ɗin tabbas ne, ko an ci riba ko an faɗi. Na makaranta kuwa ya ce 12 ɗin abin da aka saba samu ne, yana iya raguwa. Ribar da aka yanke tun kafin a yi ciniki ba ta zama kuɗin ruwa ba? Wace takarda kuma ya kamata in nemi gani, ta rajista ko littafin shige da ficen kuɗi, kafin in miƙa guminna?

Don Allah a ba ni shawara, domin ƙarshen watan nan ta makaranta za ta rufe karɓar sababbin mambobi.

Ɗanki,
Malamin lissafi daga Katsina